Shunayya a Baya

A asibitin ba wanda yake kiran ta da sunanta na yanka. Sauɗaya ake ce mata, domin sau ɗaya take soka allura jini ya fito. Ko hannun ya kumbura, ko jijiyar ta shige kamar mai jin kunyar suruki, yatsanta kawai za ta ɗora ta lumshe ido, sai ka ga sirinji ya cika. Uwaye kan bar layi mai sauri su jira nata. Ita kuwa ba ta da fara'ar a zo a gani, kuma ba ta taɓa neman a ce tana da ita ba.

Ɗakinta ƙarami ne, a ƙarshen baranda, kusa da ɗakin gwaji. Kujera ɗaya mai hannu, tebur na ƙarfe, kwalin auduga, da robar ɗaure dantse da ta sha jiki. A kan teburin akwai wani ɗan katako mai ramuka inda take jera ƙananan kwalaben jini, kowace da launin murfinta. Daga hagu take farawa. In akwai kwalbar neman ƙwayar cuta ita ce gaba, sai mai murfi shuɗi, sai ja ko ruwan ɗorawa, sai kore, sai shunayya, ruwan toka a ƙarshe. Haka ake cika su, kuma duk wadda aka cika a ajiye ta bayan 'yar'uwarta. Da ka kalli katakon ka san yadda aka yi aikin.

Duk wanda aka turo ya koyi aiki a hannunta sai ya sha faɗa a kan wannan jeri. Takan ɗaga shunayya ta nuna musu ɗan farin abin da ke manne a jikinta daga ciki.

"Wannan da kuke gani shi ke hana jini daskarewa. Kama kalsiyam yake yi ya riƙe, kuma shi kansa fotasiyam ne fal a cikinsa. Bakin sirinji ya taɓa shi, ka kai shi cikin kwalba mai murfi ruwan ɗorawa, ka gama da mutum. Fotasiyam ɗinsa zai hau, kalsiyam ya faɗi, alhali shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Injin gwaji ba ya ƙarya, amma abin da ka ba shi shi zai faɗa."

Haka take bi da su ɗaya bayan ɗaya. Shuɗi na auna saurin daskarewar jini ne, don haka in maganin kore ya shiga cikinta sai a ce jinin mutum ba ya daskarewa, in kuwa na ja ne ya shiga sai ya ɓata awon ta ɗaya ɓangaren. Wasu sun riƙe, wasu sun ce tsohuwar ta cika fitina. Cikin waɗanda suka riƙe akwai Doguwa, mace mai nutsuwa da 'ya'yanta uku, wadda ta gaji kujerar lokacin da Sauɗaya ta ajiye aiki.

Abu ɗaya ne Sauɗaya ba ta taɓa yi ba duk tsawon aikinta. Ba ta ɗibar jinin mutanen gidanta. Ko 'ya'yanta ne ba lafiya sai ta kira wata, ta juya baya. Mijinta, tela ne mai shago a bakin titi, yakan tsokane ta da hakan, yana kiran ta Likita.

"Likita, ke da kike huda garin nan kaf, ni ne kika raina hannuna?"

"Kai dai yi ɗinkinka, Malam. Allurarka ta ishe ka."

Shekaru suka ja, zuciyar tela ta fara gajiya. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura, aka ɗora shi a kan maganin zuciya da maganin sa fitsari. Sauɗaya ta san halin wannan na biyun sarai: yana fitar da ruwa, yana kuma kwashe fotasiyam ya tafi da shi, kuma zuciya ba ta yafe wannan rashi, balle mai shan maganin zuciya. Shi ya sa da ya fara cewa ƙaurinsa na ɗaurewa in ya taka keken ɗinki, gabanta ya faɗi. Ta ɗauko masa hularsa suka nufi asibiti.

Likitan ya duba shi, ya ce a auna gishirin jini da aikin ƙoda, a kuma ƙirga jinin. Kwalba biyu ke nan, ruwan ɗorawa da shunayya. Suka gangara tsohon ɗakinta. Doguwa ta miƙe tsaye da ganin su.

"Mama, sannu da zuwa. Baba, ina gajiya? Zauna nan."

Ranar jijiyar tela ta ƙi. Hannun ya kumbura, fatar ta yi laushi. Doguwa ta soka a dama ba ta samu ba, ta koma hagu, ta sauko bayan hannu. Sauɗaya na tsaye ta ba su baya, tana kallon bango, tana jin numfashin mijinta duk lokacin da allura ta shiga. Sai ta ji Doguwa ta ce alhamdulillahi. Jinin ya zo, amma a hankali yake zuwa, ɗan kaɗan, irin wanda kan fara daskarewa tun yana cikin sirinji.

Da ta juyo an gama. Tela na danne da auduga, goshinsa duk gumi. Idonta ya sauka a kan katakon. Shunayya ce a ramin farko, ruwan ɗorawa na bayanta, an buɗe murfinsu an mayar.

Ta san abin da ya faru ba sai an gaya mata ba. Jini kaɗan ne, Doguwa ta ji tsoron ya daskare kafin ya kai shunayya a dawo da tela a sake soka shi, sai ta fara da ita. Ba sakaci ba ne, tsoro ne, kuma ita kanta ta san irin wannan tsoron. Abin da ba ta sani ba shi ne ko bakin sirinjin ya taɓa. Sau da yawa ba ya taɓawa. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai tela ya ɗago ya dube ta.

"Likita, don Allah a ce an gama. Na zama rariya."

Doguwa ma ita take kallo, da murmushin wadda ta sha wuya ta ci nasara a gaban malamarta. Ga mutane a bakin ƙofa suna leƙe. Sauɗaya, wadda ta sa manyan mata kuka a kan wannan jeri, ta haɗiye maganarta.

"An gama," in ji ta.

Sakamako ya fito lafiya lau. Likitan ya ce fotasiyam daidai yake, tsakiyar inda ake so, don haka ba matsala a ƙara maganin fitsarin saboda kumburin. Tela ya yi hamdala. Ita kuwa wannan daidai ɗin ne ya tsaya mata a wuya. Da ya fito sama ƙwarai da an yi zargi an sake ɗiba. Mutumin da ƙaurinsa ke ɗaurewa, ga maganin da yake sha, a ce nasa daidai? In na kwalba ya haɗu da ɗan abin da ya rage a jikinsa, ai daidai ɗin zai bayar. Ba a nemi kalsiyam ba, balle shi ya tona asiri. Ta yi ta gaya wa kanta wataƙila bakin sirinjin bai taɓa ba.

Ta zuba masa ido a gida. Ya rage tafiya shago. Ya ɗauki buta ta suɓuce masa. Ya ce cikinsa ya cushe, abinci ba ya masa daɗi. Wata safiya yana zaune yana ƙoƙarin ɗaura agogo, sai ya dafa ƙirjinsa ya ce wani abu na masa fiffike a ciki. Ta kama wuyan hannunsa. Bugun na tafiya, ya tsallake, ya dawo da gudu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma ta ji haushin kanta fiye da tsoron.

Ba ta bi layi ba. Ta shiga ɗakin ta zaunar da shi a kujera, ta ce wa Doguwa, "Ba ni safar hannu. Ki je ki gaya wa likita muna nan."

Doguwa ta dube ta, ta dubi katakon, fuskarta ta canza. Ta fita.

"Yau kuma ni ne?" in ji tela, muryarsa can ƙasa. "Ashe zan ga wannan rana."

Ta ɗaure masa dantse. Ta ɗora yatsanta, ta lumshe ido, ta soka. Sau ɗaya. Ta cika ruwan ɗorawa, ta kai wa mai gwaji da hannunta, ta roƙe shi ya ciro tsohon jinin daga firji ya auna kalsiyam ɗinsa.

Aka kwantar da tela a gadon ɗakin gaggawa, ana neman jijiyar ƙarin ruwa. Tana tsaye a kansa ta hango mai gwaji a baranda. Ta yi aiki da mutumin nan shekara da shekaru, ba ta taɓa ganin ya kawo sakamako da ƙafarsa ba sai in abin ya ɓaci. Sauri yake yi har rigarsa na tashi.

"Mama, fotasiyam ya yi ƙasa ƙwarai. Tsohon jinin kuma kalsiyam ɗinsa ya faɗi yadda mai rai ba zai yi yawo da shi ba. Ya gauraya da maganin shunayya."

Bai rufe baki ba idon tela ya juye.

Sun dawo da shi. An danna ƙirji, an sa masa na'ura, an ɗaura ruwa mai fotasiyam a hankali, zuciyar ta koma aikinta. Amma ta ɗan jima a tsaye kafin ta dawo, kuma ba duka ta dawo da shi ba. Hannunsa na dama bai ƙara riƙe almakashi ba, maganarsa ta yi nauyi. Doguwa ta zo gida ta durƙusa tana kuka, Sauɗaya ta ɗaga ta, ta ce mata ita Doguwa ta cika kwalaben a juye, amma akwai wadda ta gani da idonta ta yi shiru. Daga nan ba su sake tayar da zancen ba.

Yanzu keken ɗinkin na falo an lulluɓe shi da zane. Tela yakan zauna kusa da shi da akwatin zarensa a cinya, yana son ya riƙa taɓa su. Har gobe in an ambaci Doguwa sai ya sa mata albarka, ya ce yarinyar nan ta sha wahala da hannunsa. Da hantsi Sauɗaya kan karɓi akwatin ta gyara masa, ba ta ma lura da abin da hannunta ke yi. Shuɗi, ja, ruwan ɗorawa, kore.

Rannan ya daɗe yana kallon zaren, sannan ya haɗa maganar da ƙyar.

"Likita, me shunayya ta yi miki? Kullum a baya."

Ta gyara masa hular da ta karkace.

"Nan ne wurinta, Malam."