Takardar Malam a Jikin Rumfata

Igiya da buhu nake sayarwa a kasuwar Gusau a lokacin, kafin mulkin kai. Ranar kasuwar Tsafe ko ta Bungudu sai in bi mota da kaya. Ban yi karatu ba.

Ƙanen matata malamin elementare ne. Ya rubuta ɗan littafi a kan ciwon shanu, aka buga masa a Zariya. Wata safiya ya zo da takarda, hotonsa a sama, rubutu a ƙasa.

"Yaya, liƙa min wannan a rumfarka."

"Me ta ce?"

Ya karanta. Za a fito da littafin a ɗakin karatu na Gusau, ran Asabar ta sama, ƙarfe biyar bayan la'asar. Wanda ya saya, marubucin zai rubuta masa sunansa a shafin farko, ya sa hannu. Wanda bai samu zuwa ba, ya nemi littafin a rumfar mai igiya.

"Mai igiyar ni ne?"

"Akwai wani?"

Shekara guda kafin nan an ga takardar siyasa a rumfar maƙwabcina. 'Yan doka suka tafi da shi, aka ba wani rumfar. Shi ma bai iya karatu ba.

Na cusa takardar a aljihu. Dabarata ɗaya ce da rubutu: mutum uku su karanta min, waɗanda ba su san juna ba. Malam na ɗaya. Mai rubuta wasiƙa a tashar Tsafe ya karanta, magana ɗaya. A Bungudu na ba malamin awon auduga. Shi ma haka. Sai ya juya bayanta.

"Baba, taro ne fa wannan. Ina hatimin En'e?"

Ban san baƙi ba, amma na san hatimi. Babu.

Na mayar wa Malam abarsa.

"Haba Yaya, maganin shanu ne. Saniya ce za ta shiga jam'iyya?"

"Ɗan doka bai karanta littafi. Hatimi yake dubawa."

"Kwana biyar ya rage. In ba a liƙa ba, wa zai zo?"

"In an ɗauke ni, wa zai ci da yayarka?"

Ya yi fushi ya tafi. Kwana uku yana zarya ofishin En'e. Suka riƙe littafi ɗaya, suka duba, suka buga wa takardar hatimi. Ran Alhamis na liƙa.

Ran Juma'a ɗan doka ya tsaya gaban rumfata. Ya daɗe yana duban takardar. Ya sa yatsa a kan hatimin, ya tambayi kuɗin igiya, ya wuce.

Ran Asabar mutum kaɗan suka zo, saboda sanarwar ta makara. Malam ya sa hannu ga kowa, ya miƙo min nawa.

"In rubuta sunanka?"

Na ce ya bar shafin fari, ba rubutu.

Rumfar tana hannuna har na tsufa.