Wadda Gwaggo Take Nema

Tun kafin damina takardar nan take manne a ƙofar shagon Gwaggo, har damina ta wuce, babu mahaluƙin da ya zo neman aikin. A Wagadugu fa! Garin da idan ka ce kana neman mai shara, sai ka ga masu diplom sun yi layi da dosiye, takardun neman aiki, a hammata. Shagon atamfa da shadda ne, a ɗan abin da ya saura na unguwar Zongo bayan rusau. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, idanunta sun yi yana, ba ta bambanta shuɗi da baƙi sai ta kai tufa bakin ƙofa. Wadda ke riƙe mata shagon ita ce babbar 'yarta, wadda duk muke kira Yaya, kuma Allah ya yi wa Yaya rasuwa. 'Ya'yan Gwaggo maza sun riga sun yanke magana: idan ba a samu mai tsaron shago ba kafin azumi, za a rufe, a mayar da tsohuwa unguwar Cissin ta zauna a ɗaki. Duk wanda ya san Gwaggo ya san ba za ta daɗe a wannan ɗakin ba.

Ni a biro, wato ofis, nake aiki, sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin sufuri, rubuta anonsi kuwa, sanarwar neman ma'aikaci, abincina ne. Ran wata Asabar na hau moto, babur ɗina, na je na ɓamɓaro takardar na karanta. Innalillahi! Shafi guda cunkus da Faransanci, babu sakin layi, babu wurin numfashi. Gwaggo ce ta yi ta faɗa, mai buga takardu na bakin titi yana fassarawa, sannan kowane ɗa ya zo ya ƙara nasa gishirin. Ta fara da kakanmu da ayarin goronsa, ta faɗa kan buɗe shago da sassafe, ta koma cewa babu gidan da ya kai mu mutunci, sai ga neman Bak, shaidar gama sakandare, da shekaru barkatai na gogewa, sai auna yadi, sai kuma kakanmu. Babu ranar hutu, babu maganar albashi. Kwatancen wurin kai dosiye kuwa, bayan gidan masu goro, kusa da rijiya. An rushe gidan masu goro tun ina lakwal, ina 'yar makaranta. Fili ne yanzu, sai ciyawa da motocin da ake ajiyewa.

"Gwaggo, wannan ai ba gayyata ba ce, kora ce," na ce.

"Ke dai da bakinki. To gyara mana, 'yar boko."

Na nemi almakashin yankan yadi, na yanka takardar layi-layi, na baje a kan tebur. Haka nake yi ko a biro idan abu ya cukurkuɗe. Na yi tsibi-tsibi: ga abin da mutum zai riƙa yi, ga abin da dole ya zo da shi, ga wanda idan akwai madalla idan babu ba laifi, ga mu su wane ne, ga yadda za a same mu. Kirarin kakanmu na matse shi ya koma jimla biyu: shagon iyali ne, ya daɗe a unguwar, masu saye sun san mu. Gwaggo ta yi tsaki amma ta bari. Ayyukan na jera su kowanne da abin yi a gaba: buɗe shago da rufewa, karɓar masu saye, auna yadi da yankewa, jera kaya a kanta, sanar da Hajiya, wato Gwaggo, abin da ya kusa ƙarewa. Kowane sharaɗi kuma na yi masa tambaya ɗaya da ƙarfi don ta ji: "Idan mutum ba shi da wannan, wane aiki ne zai tsaya?" Bak ya faɗi nan take. Abin da ya tsira shi ne karatu da rubutu, lissafi, da jin Mosanci, yaren garin, da Faransanci. Hausa da sanin tufafi suka koma tsibin madalla.

Da na gama, sai ga waɗansu 'yan tsinkayen takarda a gefen tebur da ba su shiga ko'ina ba. Na jera su kawai don in zubar. Mace doguwa, mai kaiwa ga kantar sama ba tare da taka komai ba. Mai riƙe almakashi da hagu. Wadda ba ta cin abinci a gaban mutane. Mai sanyin murya, mai tafiya a hankali. A cikin cunkuson takardar suna warwatse, ba mai lura da su. Da suka haɗu wuri ɗaya, wallahi sai ga siffar mutum guda. Ga rana tsaka, ga hayaniyar moto a waje, amma na ji shagon ya yi sanyi, na kasa ɗaga kai in dubi kantar sama.

"Gwaggo," na ce, "wannan ai Yaya ce."

Ba ta musa ba. Ta shafa tebur har yatsunta suka sami tsinkayen, ta tattara su a tafin hannu. "Ma'aikaciya nake nema. Laifi ne in faɗi irin wadda nake so?"

"Ba laifi ba ne. Amma duk wadda ta karanta ta san ba da ita ake ba."

Muka yi ta ja. Ni ba ni da haƙuri, ita kuma ba a lanƙwasa ta. A ƙarshe muka rabu a kan haka: sabuwar anonsi za ta tafi yadda na tsara, da awoyin aiki, da hutun Juma'a, da albashi a fili, da ranar zuwa ganawa, da kwatance na gaskiya, da layin ƙarshe da na fi so: ko ba ka taɓa sayar da tufa ba, zo, za mu koya maka. Tsohuwar takardar kuma, akwai sauran kwafi a durowa, za a mayar da ɗaya ƙofa. Na tura sabuwar ta waya ga ƙungiyoyin unguwa, na bi wuraren da aka taɓa manna tsohuwar na ɓamɓare wanda na samu.

Ranar ganawa shago ya cika. Samari, zawarawa, wani tela da ya gaji da keke. A cikinsu akwai wata gajeriyar Bamosa, 'yar ƙabilar Mosi, daga unguwar Koulouba, mai dariya kamar ana zubar da kwanoni, ba ta san leshi daga shadda ba, amma da na ba ta lissafin yadi ta amsa kafin in rufe baki, ta kuma sa wata mai saye da ta leƙo don kallo ta fita da turmin atamfa. Na sa mata alama a zuciyata. Gwaggo ta ce yarinyar ta cika surutu.

Bayan azahar mutane suka watse, titi ya yi tsit irin na zafin rana. Ina tattara dosiye sai na ga Gwaggo ta miƙe zaune, ta karkata kunne. Ni ban ji komai ba sai daga baya: takun silifa, a hankali, ana ɗan jan ƙafa ɗaya. Na san takun nan. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san shi.

Mace ce doguwa, da mayafi ruwan toka. Ta yi sallama da Hausa, muryarta can ƙasa. Fuskarta ba ta Yaya ba ce, na rantse ba ita ba ce, na dube ta da kyau. A hannunta akwai tsohuwar anonsi, ta yi jawur, ruwa ya taɓa cinye gefenta.

"Ina kika samo wannan?" na tambaya.

"A jikin bango. Na bi kwatancen, na je bayan gidan masu goro."

"Ai babu gida a can."

"Babu. Wata ce zaune a gindin dalbejiya ta nuna mini nan."

Na sani sarai akwai masu sayar da abinci a filin, akwai 'yan tsohuwar unguwa da ke zuwa su zauna. Na faɗa wa kaina haka. Gwaggo ta ce, "Ɗauko mini bandir ɗin can na sama." Matar ta miƙa hannu ta sauko da shi, ko ɗage ba ta yi ba. Gwaggo ta tura mata almakashi. Ta ɗauka da hagu. Na miƙa mata ragowar ƙosan da nake ci, don in gwada, Allah ya yafe mini. Ta ce ta gode, ba ta iya ci a gaban mutane.

Tsoro na ji, tsoro na gaske, kuma ba na matar ba. Fuskar Gwaggo nake tsoro. Ta haskaka yadda ban gani ba tun ranar jana'iza. Da idanun nan nata, abin da take gani doguwar inuwa ce a bakin kanta, a daidai inda Yaya ta saba tsayawa. Ta buɗe baki, na ga sunan yana zuwa a leɓenta. Na riga na san an gama, doguwar za a ɗauka, kuma ba ni da hujjar hanawa, don na gwada ta, lissafinta ma ba laifi.

Sunan bai fito ba. Gwaggo ta murza bakin shaddar. Sannan ta ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. An riga an ba wata aikin." Matar ba ta yi gardama ba. Ta ajiye almakashi, ta ajiye tsohuwar takardar a gefensa, ta yi sallama. Muka saurari takun har ya ɓace. Ban leƙa in ga inda ta bi ba, kuma ban sake ganinta a unguwar ba.

"Kira mini mai surutun nan," in ji Gwaggo. "Ki kuma sa kafinta ya yi mata abin takawa, ba za ta kai sama ba."

"Gwaggo, ga wadda kika nema ta zo har gida."

"Na gani." Ta lalubi hanya zuwa ƙofa, ta sa farce tana ɓamɓarar takardar da hannunta. Na matsa zan taya ta, ta ture ni da gwiwar hannu. "Idan na ɗauke ta, kullum da safe 'yata za ta shigo. Kullum da yamma kuma ta rufe shago ta tafi gidansu, in sake binne ta. Sau ɗaya ma da ƙyar na iya."