Ranar da Mama Ifunanya Ta Sa Ludayi

A Sabon Gari aka haifi Mama Ifunanya, a nan kuma ta tsufa tana dafa wa 'yan dakon kasuwar Singa faten doya. Doyarta ba ta taɓa narkewa ba, kuma duk wanda ya leƙa tukunyarta sai ya sha zagi.

Shi ya sa Huseina ta tsorata da ta tsinci takardar Mama a ƙarƙashin ƙofarta. Kwanan nan ta taso daga Fagge ta kama ɗakin da ke kusa da na Mama.

"'Yata Huseina, na ga abin da kika zubar jiya a kwata. Wannan kunu ne. Ki nemi tsohuwar doya, sabuwa ruwa ne da ita. Ki yanka manya-manya. Kada ruwa ya sha kanta. Ki zuba manja da kayan miya, ki rage wuta. Kada ki yi ta juyawa da ludayi, shi ke farfasa ta. Ki kama tukunyar da hannu biyu ki girgiza. Da wuƙa ta shiga, ki sauke. Ki koya da wuri."

Washegari Huseina ta je godiya. Ta tarar 'yan dako suna kallon kwanukansu, faten ya dame. Mama na tsaye a gaban murhu da ludayi a hannun dama, na hagun ya shanye yana lilo a gefenta.

"Me kike kallo?" in ji ta. "Zo ki kama min tukunyar nan."