Akuya Biyu, Suna Ɗaya

A littafin awakin Gwaggo, Ja ta haihu sau biyu, wata biyu tsakani. Ni kaɗai na lura, kuma na yi shiru, ko da yake na san akuya wata biyar take ɗaukar ciki.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Tun da mijinta ya rasu take kiwo a bayan gida. Yayansu, Baffa, ya sa kuɗi, ita ta sa wahala, bisa sharaɗin ta riƙa rubuta komai: haihuwa, magani, abinci, sayarwa. Mace ce da ba ta yarda da kowa ba. Buhun dusa ma sai ta zura hannu har ƙasa kafin ta biya.

Ranar da Baffa ya zo duba lissafi, ita aka ƙi yarda da ita. Baffa ya zauna a kan turmi, littafin a cinyarsa, yana bin layin magani da yatsa.

"Ja, allura. Ja, maganin tsutsa. Ja, allura. Akuya ce wannan ko asibiti? Ko kun haɗa baki da mai allurar ne?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin sa. Riba ce ban gani ba. In haka ne, gobe in kwashe rabona." Ya miƙo mini littafin. "Ke 'yar jami'a, duba."

Murya ƙasa-ƙasa na nuna masa haihuwar nan biyu. Ya miƙe tsaye.

"Har haihuwar ƙarya?"

Gwaggo ta harare ni, ta wuce garke, muka bi ta. Jajayen awaki biyu ne a ɗaure, uwa da 'ya.

"Ga Ja, ga Ja. Ni ai na san su."

"Littafin bai san su ba," in ji Baffa.

Muka raba layukan, ita tana faɗa ina rubutawa. 'Yar ta haifi tagwaye, an sayar. Uwar kuwa, wadda da ita Gwaggo ta fara kiwo, ita ta sha kusan duk maganin, ɗan da ta haifa ma bai yi mako ba. Abin da 'yar ta kawo, uwar ta cinye.

Baffa ya ce zai bar rabonsa, muddin tsohuwar akuyar ta tafi kasuwa. Gwaggo ta ce to.

Da zan rufe littafin na koma shafukan bara. A can, da rubutun hannunta, akwai Ja Babba da Ja Ƙarama. Ta daina bambanta su ne daidai lokacin da tsohuwar ta fara ciwo. Na ɗago kai na tarar tana kallona. Na rufe littafin.

Ta ɗauko damin harawa, ta tsince mai ganyen, ta zuba a gaban tsohuwar.