Gaisuwar Kawu a Akwatin Bursu

Shekarar da na nemi bursu, wato tallafin kuɗin karatun likitancin dabbobi, an ce kowa ya rubuta dalilinsa da Faransanci cikin wani akwati a intanet. Haruffa dubu ɗaya da ɗari biyar, har da sararin da ke tsakanin kalmomi. In bursun ya kuɓuce mini, karatuna ya ƙare ke nan.

Kawuna ya ce shi zai rubuta. Tsohon sakataren furfe ne, wato mai mulkin yanki, a nan Filinge tun zamanin soja, lokacin da ba ka roƙon ko biro sai ka yi layi biyar na ladabi. Ya cika shafi biyu. Ya gaida shugaban kwamiti, ya gaida mataimakinsa, ya yi wa ƙasa addu'a, ya jero kakanninmu na Kurfai. Dalilin kansa, wato garken babana da ciwon huhu ya cinye ba mai allura kusa, da niyyata ta komowa in yi aikin a gida, ya ajiye shi can ƙarshe. Wai ɗiyar mutunci ba ta fara magana da buƙata.

Muka tafi siber, shagon intanet kusa da kasuwa, na buga, na liƙa a akwatin. Akwatin nan bai san girman kowa ba. Ya haɗiye abin da zai iya, ya yanke saura, daidai tsakiyar sunan kakan kakana. Ko saniya ɗaya ba ta shiga ba.

Kawu ya ce a rage girman haruffa. Na ce ƙirga su ake yi, ba auna su ba. Ya ce to a manne kalmomin, ai sarari ba magana ba ne. Na ce a haka wa zai iya karantawa? Raina ya ɓaci, wallahi. Na jawo kujera na fara yanka. Shugaba da mataimakinsa suka tafi, kakanni suka bi su. Na ɗauko shanun na sa su a layin farko, sai makina na lise, wato sakandare, sai komowa gida. Inda kalma uku ke aikin ɗaya, na bar ɗaya. Kawu yana bayana yana salati kamar ana rushe masa ɗaki.

Da na gama na karanta masa. Da ya ji shanun ɗan'uwansa tsirara haka, ba ado, ya cire tabarau. Shi ya taya babana ja da mushen zuwa bayan gari.

“Saura nawa, ɗiyata?”

“Tara, kawu.”

“To gaida mutane.”

Na sa “Bonjour” da waƙafi da sarari, akwatin ya cika cif.

An ba ni bursun. Yau ni ke yi wa shanu allura daga Damana har Sanam. Kawu kuwa har ya koma ga Allah yana faɗa wa 'yan kasuwa cewa gaisuwar nan ce ta ceci yarinya, kuma ban taɓa musa masa ba.