Rafin Kucheri da Rani

A shekarun da kamfanin auduga ya fara saye a Gusau, kafin jirgin ƙasa ya iso, jakuna ne ke kai kaya ta hanyar Tsafe. Ƙanena yana da jakuna, ga bakin ci cike da gida, sai ya je neman aikin madugu. Wakilin kamfanin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya zaunar da shi ya yi ta jera masa tambayoyi.

Ya dawo Bungudu fuska a murtuke. Ni kuwa Allah Ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, na tsare shi sai da ya zayyana mini komai. Ya amsa maganar ɗaurin kaya da ta ciwon bayan jaki daidai. Da aka tambaye shi inda zai shayar da dabbobi bayan Tsafe, ya ce rafin da ke gab da Kucheri. Sai a hanyar gida ya tuna da kaka yake bin wajen, auduga kuwa kayan rani ce, lokacin rafin nan ya zama yashi zalla. Rijiyoyin gari ake dogara da su.

Na ce mu rubuta wa dattijon gyara. Ya zaro ido, wai ina aka taɓa komawa wa babba da maganar da aka riga aka gama? Gaskiya ni ma ban taɓa gani ba, shi ya sa ma nake ɗokin ganin abin da zai faru.

Na ɗauko tawada da alƙalami. Ƙanen nawa ya shiga shifta, wai in rubuta kansa ke ciwo ran nan, rana ta buge shi, bai karya ba. Haushi ya kama ni.

"Aiki kake nema ko sannu?"

"To Yaya, rubuta abin da ka gani."

Da ajami na rubuta: gaisuwa da godiya, sannan tambayar da aka yi masa, da amsar da ya bayar, da cewa kuskure ne, da inda ruwan yake da rani. Ko tafin hannu takardar ba ta cika ba. Da sassafe muka ba wani mai zuwa Gusau, tun kafin a tsayar da wani madugun.

Ranar kasuwa aka aiko ya zo. Na bi shi, don ba zan iya zaman jiran labari ba. Dattijon ya ce ya san rafin nan sarai, a can jakunansa biyu suka mutu yana saurayi. Tun da ya ji amsar ya cire ƙanena daga ransa.

Na kasa haƙuri, na tambaye shi abin da ya sauya.

"Malam, madugun da ya kashe mini jakuna ya gane kuskurensa tun muna rabin hanya. Kunya ta hana shi faɗi."

Ya juya ga ƙanena ya ce jibi a kawo jakunan a yi lodi.