Akwatin da Na Bari a Zauren Mai Gari

Da za a maido mini da rana guda daga cikin shekarun aikina, da na zaɓi ranar da na ce wa wani dattijo kada ya buɗe akwati. Ban ci ko kwabo ba a lamarin, amma na yi abin da har yau nake neman gafara a kansa.

Zamanin kuɗin fetur ne, farar hula sun karɓi mulki. Ni ne mai kula da sito a Kankara, a wata hukumar tarayya da ke samar wa karkara ruwa. Ilimina na firamare ne, sai ɗan kwas na wata shida. An kawo injinan jawo ruwa guda tara daga ƙasar waje, don ƙauyukan Faskari da Sabuwa. An haƙa rijiyoyin burtsatse an toshe bakinsu, amma ba a taɓa turo injiniyan da zai haɗa injinan ba. Shekara biyu suna cikin akwatunansu.

Ma'aikatan babban mai binciken kuɗi na tarayya suka zo, suka ƙirga, suka tafi. Da rahoton ya isa majalisa, akwai sakin layi guda a kanmu, da shawarar a kafa injinan inda aka saye su dominsa. Kwamitin majalisa mai duba irin wannan rahoto ya kira shugaban hukumarmu Legas, ya ba shi wa'adi ya dawo da shaida.

Manajan shiyyarmu ya zo da kansa. Shi ya samo mini aikin, shi ya yanka ragon sunan ɗana.

"Malam, a fitar da kayan nan kafin Juma'a," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, wa zai haɗa su?"

"Kai injiniya ne? Kawo mini takarda da sa hannu kawai."

Na ɗora su a tifa, na bi gari gari. Wanda na fi tunawa wani ƙauye ne bayan Tafoki, inda mata ke tonon yashin rafi da rani. Mai garin tsoho ne. Ya sa aka share zaurensa, aka ɗora akwatin kan duwatsu saboda gara. Wani makaniken injin niƙa ya ce zai iya gwadawa. Na tsorata, kada ya lalata abu a ce ni ne. Na ce wa mai garin, "Baba, amana ce ta gwamnati. Kada kowa ya taɓa sai injiniya ya zo."

"Amana? To, kai ka gama naka, ɗana," ya ce, ya dangwala yatsa a takardar karɓar kaya.

Da wa'adi ya cika aka tafi da ni Legas, ina rungume da littafin sito a bayan shugabanmu. Ana bin rahoton sakin layi bayan sakin layi, ma'aikacin mai binciken yana gefe da fayil. Da aka zo kanmu, shugaba ya miƙa takardu tara. Wani ɗan majalisa daga Arewa ya juya su ya ce waɗannan takardun fitar da kaya ne, ina takardar kammala aiki? Shugaba ya ce tana hanya. Kwamiti ya umarci a kawo ta cikin wata uku, ya ce zai turo wasu daga cikinsa su gani da ido.

Da aka tashi salla, ɗan majalisar nan ya same ni wajen alwala.

"Malam mai sito, mutumin ina?"

"Kankara, ranka ya daɗe."

"Ashe Bakatsine ne. To tsakaninka da Allah, ana shan ruwan nan?"

Fuskar manaja ce ta faɗo mini a rai. Na ce, "Kaya dai sun isa hannun jama'a."

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. "Ban tambaye ka kaya ba." Ya jira. Na ci gaba da wanke ƙafa.

Takardar kammala aiki ta tafi, ban san wanda ya sa mata hannu ba. Ziyarar aka yi ta ɗagawa har zaɓe ya zo, daga baya sojoji suka rufe majalisa. Masu bincike sun sake zuwa sitona, amma injinan sun fita daga littafi, babu abin tambaya.

Bayan shekara goma sha ɗaya na je ƙauyen ta'aziyyar mai garin. Akwatin na nan a zaure, an lulluɓe shi da tabarma. Ɗansa ya ce sau biyu matasa suka so ɓalle shi a shekarar da aka yi fari, tsohon ya zauna a kai da sandarsa. Har a ciwon ajali yana tambaya ko injiniya ya zo. Muka buɗe tare. Tsatsa ta cinye injin.

Mutumin da ke da ikon matsa wa hukuma ya tambaye ni gaskiya cikin harshenmu, a wurin alwala, na ɓoye don kunyar wanda ya yi mini alheri. Ina roƙon duk ƙaramin ma'aikacin da ya karanta wannan: in an tambaye ka ko ana shan ruwa, ka faɗi ko ana sha ko ba a sha.